Imel ɗaya, wayoyi biyar: yadda ake raba shi ba tare da an yi asara ba

Wani dattijo mai sayar da hatsi ya shigo shagona a Gusau da hantsi, ya ajiye wayarsa kan tebur ya ce, "Ɗana, duba mini wanga abu. Lambobin mutanena na Kaura da Talata Mafara sun ɓace, kuma ni ban taɓa komi ba." Gaskiya ya faɗa, bai taɓa komai ba. Ɗansa ne ɗan shekara goma sha bakwai, da aka ba shi tsohuwar wayar yayansa, ya ga sunaye kusan ɗari uku da bai sani ba, irin su "Mai Gero Kasuwar Daji" da "Direba Shinkafi", ya zauna da dare ya share su don wayarsa ta yi tsaf. Da gari ya waye sun ɓace a wayar uban ma, domin wayoyin biyu Gmail ɗaya ke kansu.

Mun dawo da lambobin cikin minti goma. A kwamfuta, a shafin contacts.google.com, akwai wurin da aka rubuta Undo changes, wanda ke mayar da jerin lambobi yadda yake a wata rana da ta wuce, muddin ba a haura kwana 30 ba. Amma da na buɗe jerin na'urorin da ke kan asusun sai na ga guda shida. Na ce, "Baba Alhaji, wayoyi nawa ne a gidanku?" Ya ƙirga: tasa, ta uwargida, ta amarya, ta babban ɗansa da ke jami'a, da ta wannan yaron. Biyar. Ta shidan wata waya ce da aka kai kasuwa aka yi musanya watanni huɗu da suka wuce, ba a cire komai a kanta ba.

Yadda aka kai ga haka ba baƙon abu ba ne. Ranar da Alhaji ya sayi wayarsa ta farko mai shafawa, yaron shago ya buɗe masa Gmail don a samu a sauke WhatsApp, ya rubuta adireshin da kalmar sirrin a bayan kwalin waya. Tun daga nan duk wayar da ta shigo gidan, sai a ɗauko kwalin. Ba wanda ke kallon abin a matsayin akwatin wasiƙa ma, balle a ga sirri a ciki. "Abin da ake sa wa waya ta yi aiki" kawai ake ce masa.

Abin da ake rabawa in an raba imel

Mutane suna ce mini ba sa karanta imel, don haka me za a sata? Wasiƙun su ne ƙaramin abu. A wayar Android, asusun Google shi ne igiyar da ta ɗaure komai wuri ɗaya. Lambobin waya jeri ɗaya ne ga duk wanda ya shiga, kamar yadda Alhaji ya gani. Hotuna ma haka: in an kunna Backup a Google Photos, hoton da amarya ta ɗauka a ɗakinta zai bayyana a wayar ɗan kishiyarta, ba tare da ita ko shi sun nema ba. A gida mai mata biyu da samari, ba sai na yi dogon bayani kan inda wannan ke kaiwa ba. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana, na Facebook da na shafin makaranta da sauransu, suna zaune a passwords.google.com, kuma duk mai asusun zai iya buɗe su ya karanta. Sannan akwai shafin android.com/find, wanda aka yi don neman wayar da ta ɓace. Daga can ana ganin inda kowace waya take, ana iya kulle ta, ana iya goge duk abin da ke cikinta daga nesa. Wanda ya sayi waccan waya ta shida yana riƙe da ƙofar wannan duka, ko bai sani ba.

Babban haɗarin kuwa yana wajen sake kalmar sirri. Shafuka da yawa, in ka danna Forgot password, imel suke aiko wa da hanyar sauyawa. Ke nan wanda ke ganin akwatin ba ya buƙatar sanin kalmar sirrin Facebook ɗinka. Zai nemi sabuwa, ya karɓa, ya share saƙon, kai kana barci. Bayanin kuɗin banki na wata-wata da alat ɗin shiga da fita su ma nan suke sauka. Ba cewa nake ɗanka ɓarawo ne ba. Amma ɗanka yana da abokai, yana ba da aron waya a majalisa, yana kai ta wurin gyara, yana danna duk abin da aka turo masa da sunan tallafi. Tsaron asusun bai wuce tsaron wayar da aka fi sakaci da ita a gidan ba.

Wani zai ce to a kunna tabbatarwa mai mataki biyu mana. A asusun da ake rabawa ba ta yin aikinta. In wani ya gwada shiga daga wani gari, Google kan turo tambaya kan allo, cewa kai ne ke son shiga? Tambayar tana fitowa a duk wayar Android da ke kan asusun. Yaro yana tsakiyar wasa, abu ya tare masa allo, zai danna Yes don ya wuce. An buɗe ƙofa ke nan.

Akwai kuma asarar da ba ta da ɓarawo. Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, kuma wasiƙu da hotuna da ajiyar WhatsApp duk cikin wannan ma'auni suke. Wayoyi biyar masu tura bidiyon biki da na wa'azi ba sa daɗewa su cika shi. Idan ya cika, sabuwar wasiƙa ba ta shigowa, komawa take wa wanda ya aiko. Asusun Alhaji ya cika tun makonni kafin ya zo, kuma babban ɗansa ya yi ta jiran wani saƙo daga makaranta yana zargin sabis.

Kada a fara da sauya kalmar sirri

Abin da kowa ke so ya yi da ya ji wannan bayani shi ne ya sauya kalmar sirri nan take. A mafi yawan gidaje wannan ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Da zarar an sauya, sauran wayoyin za su fita daga asusun, su fara neman a sake shiga. Hajiya za ta ba wani yaro ya gyara, yaron ya danna neman sabuwar kalma, lambar ta tafi wani layi da ba wanda ya san inda yake. Wani kuma ya kai tasa a yi mata filashin, ta tashi tana neman tsohon asusun kafin ta buɗe, don Android na da wannan kariya ta hana ɓarayi amfani da wayar sata. Na ga wayoyi lafiyayyu da suka zama abin danne takarda saboda haka.

Inda na yarda a gaggauta shi ne in an ga alamar baƙo ya riga ya shiga: wasiƙu a Sent da ba wanda ya aika, ko saƙon sauya kalmar sirrin wani shafi da ba wanda ya nema, ko kuma kalmar sirrin ita ce lambar wayar maigida, abin da yaran shago suka fi sa wa mutane. A nan a duba layin dawo da asusu kamar yadda zan faɗa yanzu, a sauya kalmar a ranar, mutum ɗaya ya bi wayoyin ya shigar da ita da hannunsa, sannan a ci gaba da sauran aikin.

Na farko: a san wa ke ciki, kuma wane layi ke riƙe da asusun

A buɗe myaccount.google.com, a shiga Security. Abu biyu ake nema. Na ɗaya Recovery phone, wato lambar da Google zai tura wa saƙo in an manta kalmar sirri. A gidan Alhaji, lambar wani tsohon layinsa ce da ya daina sa wa kati shekaru biyu. Kamfanonin waya suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, don haka mai yiwuwa wani bawan Allah a wani gari ne ke riƙe da makullin gidan. A sa lambar da ke hannu, wadda aka yi wa rajista da NIN ɗin mai ita, don ko ta ɓace a iya dawo da ita. Google kan ɗauki kusan mako guda kafin ya daina kula tsohuwar lambar gaba ɗaya, wannan ma wani dalili ne na fara aikin daga nan.

Na biyu Your devices, sai Manage all devices. A ajiye wayoyin gidan a kan tabarma, a bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ba ta kan tabarmar kuma ba a san hannun da take ba, a danna ta, a danna Sign out. Haka muka yi wa ta shida. Kada a goge ta daga nesa in sayar da ita aka yi. Ta zama dukiyar wani, kayansa ne a ciki yanzu. Fitar da asusun ya wadatar.

Na biyu: wa zai gaji tsohon asusun?

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada, kuma nan na fi ɓata lokaci da mutane. Kowa na ɗauka maigida ne zai riƙe tsohon tunda da sunansa aka buɗe. Ni ba suna nake dubawa ba. Ina duba wanda ya ɗaura wa adireshin abin da ya fi wuyar kwancewa.

Don a gane haka, a je wurin bincike a saman Gmail a rubuta waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, domin da su shafuka ke aiko saƙon rajista:

```
welcome
verify
OTP
password
statement
```

A ɗauki takarda a ja layi, sunan kowa a sama, a rubuta abin da aka samu ƙarƙashin mai shi. Takardar gidan Alhaji ta fito haka: shi yana da bankuna biyu. Uwargida tana da wata manhajar tura kuɗi. Amarya tana da Facebook da wani shafin da take tallan turaren wuta. Ƙaramin yaron wasanni ne kawai da TikTok. Babban ɗan kuwa, da wannan adireshin aka yi masa rajistar JAMB, da shi aka buɗe masa shafin makaranta, da shi ya nemi bashin karatu.

Imel ɗin banki ana sauya shi a yini ɗaya, a cike takarda a reshe ko a yi a manhaja in bankin ya ba da dama. Na Facebook minti biyar ne. Amma bayanan JAMB suna bin ɗalibi har bayan ya shiga jami'a, wajen fitar da takardar gurbin karatu da shirin bautar ƙasa, kuma sauya imel a can ba abu ne da mutum ke yi a wayarsa yana kishingiɗe ba. Don haka na ce a bar wa ɗan tsohon asusun, Alhaji ya buɗe sabo. Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Abu da sunana, in bar ma yaro?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke aiko maka wasiƙa ta nan ban da banki? Masu sayen gero kiranka suke." Ya yi shiru, can ya ce a yi.

Wannan ma ya isa dalilin da zai sa kowane yaro ya samu imel nasa kafin shekarar da zai rubuta JAMB, ba ranar rajista a layin kafe ba. Shafukan jarrabawa da na makarantu suna ɗaura adireshi ɗaya ga mutum ɗaya. In yaya ya riga ya yi amfani da na gida, ranar da aka zo yi wa ƙanwa sai mai kafe ya ƙirƙiro mata wani a gurguje, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, ya sa lambarsa. Shekara huɗu bayan haka za a zo ana neman mai kafen.

Wata dabara da nake jin matasa na koya wa juna ita ce a sa ɗigo a cikin adireshin ko a ƙara alamar + da wani suna, don shafi ya ɗauka sabo ne. Gmail ba ya kula ɗigo, kuma abin da aka rubuta bayan + akwati ɗaya yake faɗawa. An yaudari shafin, amma ba a raba komai ba.

Na uku: buɗe sababbi

A kan wayar kowa, a shiga Settings, a nemi wurin Accounts. A wasu wayoyin Passwords & accounts aka rubuta, wasu Users & accounts, ya danganta da kamfani. A danna Add account, a zaɓi Google, sai Create account. Waya tana ɗaukar asusu biyu a lokaci guda, don haka tsohon ya zauna inda yake tukuna.

A sa sunan gaskiya yadda yake a katin NIN, da ranar haihuwa ta gaskiya. Adireshin ya zama wanda ba za a ji kunyar rubuta shi a takardar neman aiki ba. Lambar dawo da asusu ta zama ta mai shi. A Recovery email kuwa ana iya sa adireshin wani ɗan gida da aka amince da shi, amma a san cewa wannan ma wani makulli ne, a zaɓa da tunani. Uwargida ta zaɓi babban ɗanta. Amarya ta zaɓi yayanta da ke Tsafe, kuma ban ga laifinta ba.

Kalmar sirri kada ta zama lambar waya, ko sunan ɗa, ko shekarar haihuwa. Ga wanda boko bai dame shi ba, kalmomin Hausa huɗu da ba su da alaƙa da juna, a haɗa da lamba, sun fi gajeren abu mai alamomi da za a manta gobe. Kuma ban hana rubutawa ba. Dattijon da ya rubuta tasa a littafin bashi ya kulle a akwati ya fi wanda ya faɗa wa yara uku don su tuna masa. Mai karatun ajami ya rubuta da ajami ma, in ya tabbata zai iya mayarwa.

Yaron da bai kai shekara 13 ba, Google ba ya barinsa ya buɗe da kansa. Kada a ƙara masa shekaru, kada kuma a sa masa na uba. Akwai manhajar Family Link, inda uba ko uwa ke buɗe wa yaro asusu a ƙarƙashin nasu: su ke amincewa da abin da zai sauke, su ƙayyade lokacin da zai yi a kan waya, su ga inda wayar take. Iyaye da yawa sa ido ne ya sa suke son imel ɗaya. Wannan hanya tana ba su sa idon, ba tare da yaron ya ga alat ɗin bankinsu ba.

Na huɗu: kwashe kaya

Lambobi ne farko. Hanya mafi tsafta ita ce a kwamfuta, a contacts.google.com: a zaɓi na mutum ɗaya, a danna Export, a shiga sabon asusunsa a danna Import. Amma jerin Alhaji ya haura dubu, a cakuɗe, kuma ba mai haƙurin tsince su a shago. Sai muka fitar da duka a fayil ɗaya muka zuba wa kowa a sabon asusunsa, kowa ya je gida ya share wanda ba nasa ba. Sharaɗin kawai shi ne kada kowa ya share komai sai an cire tsohon asusun daga wayarsa, in ba haka ba a koma gidan jiya. A kuma shiga saitin Contacts a mayar da sabon asusun ya zama inda sababbin lambobi za su riƙa sauka.

WhatsApp ba ya da wuya. A shiga Settings, Chats, Chat backup, a danna inda adireshin yake, a zaɓi sabon, a danna Back up. Hirarrakin suna kan wayar, sabon kwafi kawai ake turawa. Yana cin data in bidiyo sun yi yawa, don haka a cire alamar haɗawa da bidiyo in ba a damu da su ba. Kada a cire WhatsApp daga wayar a tsakiyar wannan aiki.

Hotuna su ne masu tarko. Iri biyu ne a Google Photos, kuma a ido ba su da bambanci: waɗanda ke cikin wayar, da waɗanda ke can ajiyar Google kaɗai saboda an ɗauke su da tsohuwar waya ko an taɓa danna Free up space. Na farkon ba sa zuwa ko'ina. A shiga saitin Backup a sauya asusu zuwa sabon, za su hau da kansu. Na biyun kuwa, ranar da aka cire tsohon asusun za su ɓace daga gani. Don haka kowa ya zauna ya bi hotunan, duk nasa da ke nuna Download a jerin zaɓi ya sauke shi cikin waya. Uwargida ta kusa rasa hotunan aikin Hajjinta a nan, don wayar da ta ɗauke su da ita ta daɗe da mutuwa. Kuma kada wanda ya ga hotonsa ya yi saurin sharewa don kunya: abin da aka share a Photos alhali asusun na kan wayar, yana tafiya har da na cikin wayar. Sharewa tana da lokacinta, yana zuwa.

Daga nan a koma kan takardar nan mai layi-layi. Kowane shafi, a ƙara sabon adireshi, a jira saƙon tabbatarwa ya iso sabon akwatin, sannan a cire tsohon. In shafin kalmar sirrinsa na cikin waɗanda Chrome ya adana, a sauya ta, tunda gida duka ya iya ganinta. Abin da ba ya ƙaura shi ne manhajar da aka saya da kuɗi a Play Store. Tana nan tare da asusun da ya biya. Mun ba wannan mataki mako biyu, don Alhaji sai ranar da ba kasuwa yake samun zuwa banki.

Na biyar: cirewa da kullewa

Sai alat ɗin banki ya fara sauka a sabon akwatin, kowa ya ga lambobinsa da hotunansa a sabon asusu, sannan a koma Accounts a kowace waya, a danna tsohon adireshin, a danna Remove account. Wayar magajin asusun kaɗai ake bari.

Yanzu ne lokacin shara, kuma a kwamfuta ake yi, masu kayan na zaune. Alhaji ya sa aka nemo duk saƙonnin bankunansa aka share, aka shiga Trash aka zubar, don abin da ke can yana kwana 30 kafin ya tafi da kansa. Matan suka nuna hotunansu a photos.google.com aka share, aka zubar da kwandon can ma. Aka goge kalmomin sirrin da ba na ɗan ba. Sannan na duba wani lungu da manhajar waya ba ta nunawa: a Gmail na kwamfuta, See all settings, sai Forwarding and POP/IMAP da kuma Filters and Blocked Addresses. Wanda ya taɓa shiga asusu zai iya barin umarni a nan cewa a riƙa tura masa kwafin kowace wasiƙa, kuma sauya kalmar sirri ba ya soke wannan umarni. Na Alhaji babu komai, amma na taɓa samu a na wani.

Bayan wannan duka ne ɗan ya sauya kalmar sirri, ya mayar da lambar dawo da asusu tasa, ya kunna 2-Step Verification, wato tabbatarwa mai mataki biyu, wadda yanzu take da ma'ana tunda waya ɗaya ce za ta ga tambayar. Kowa ma ya kunna a nasa. In akwai wayar da ake son yi wa filashin ko a sayar, a cire asusun da ke kanta tukuna, kuma a bar awa 24 ta wuce bayan sauya kalmar sirri.

A shafin 2-Step Verification ɗin akwai Backup codes: lambobi goma, kowace mai alƙaluma takwas, kowace sau ɗaya take aiki. A wani wuri ana iya ɗaukarsu ƙarin ado. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara har mutane na tafiya Funtuwa da Sakkwato don su yi kira, mun san saƙon tes na iya daina zuwa, layi na iya ɓacewa a hanya tare da waya. A rubuta lambobin a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun fili.

Abin da ya sa ake raba imel tun farko

Gida yana da abubuwan da dole a yi tarayya a kansu, kuma kowanne yana da hanyarsa. Hotunan suna da na biki, a buɗe kundi ɗaya a Photos a gayyato kowa da adireshinsa. Abin da aka sa a ciki kaɗai ake gani. Takardun makaranta da rasit, a yi jaka ɗaya a Drive a raba. Uban da ke son ganin sakamakon ɗa, ɗan ya tura masa, ko su buɗe tare. Dattijuwar da ba ta karatu, ɗa ɗaya ya zama mai kula da asusunta, amma asusun nata ne, da layinta, kuma ta san wanda ke riƙe da shi.

Tambayar da Alhaji ya yi daga ƙarshe ita ce wadda na fi ji daga dattawa. Ya ce, "To in ta Allah ta kasance, wa zai buɗe nawa? Akwai bashin mutane ciki." Akwai abin da ake kira Inactive Account Manager a cikin Data & privacy. Mutum zai zaɓi tsawon lokaci, wata 3, 6, 12 ko 18, ya sa sunan wanda ya amince da shi da abin da yake so a ba shi. In asusun ya yi shiru har wannan lokaci ya kusa cika, Google zai fara tuntuɓar mai shi, in ba amsa har ya cika ya aika wa wancan hanyar sauke kayan. Yana da kyau a saita shi, don asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba Google na iya goge shi. Alhaji ya zaɓi wata uku, ya sa ƙaninsa. Kalmar sirrin kuma ya rubuta da hannunsa, ya naɗe, ya sa a ambulan, ya ce in ba shi abin liƙewa.